Yadda ake gane ko kiranka na HD ne, da yadda ake gano inda ya maƙale

Ranar wata Asabar wani Alhaji mai sana'ar goro ya zo shagona a Adum, cikin Kumasi, da wayoyi biyu a aljihun babbar riga. Ɗaya ƙatuwa ce mai tsada da ɗansa ya aiko masa daga Amurka, ɗaya kuma 'yar madaidaiciya da ya saya a nan. Ƙorafinsa shi ne, maƙwabcinsa a Aboabo idan yana waya sai wasu haruffa biyu, HD, su fito a fuskar wayar, muryar kuma tangaram kamar mutumin yana zaune a gefensa. Shi kuwa da babbar wayarsa sai ya yi ta cewa "me ka ce?" Da wannan aikin nasa zan bi da ku matakan, domin kusan duk wurin da abin yake maƙalewa sai da muka taka shi a ranar.

Abin da waya take yi wa muryarka

Murya kaɗawar iska ce. Sauti mai kauri yana kaɗawa a hankali, siriri kuma da sauri, ma'aunin kuwa shi ne sau nawa ya kaɗa a sakan ɗaya. Tun zamanin wayar tangaraho aka yanke cewa layi zai ɗauki abin da ke tsakanin kaɗawa 300 da 3,400 kawai, a zubar da sauran. Wannan ya isa a gane magana, amma ya yanke ta sama da ƙasa. Ta ƙasa an cire kaurin muryar, shi ya sa dattijo mai amo yake zama kamar yana magana ta cikin gwangwani. Ta sama kuma an cire yawancin ƙarfin harafin "s", wanda yake zaune sama da 4,000.

Mu masu jin Hausa a nan ne abin yake cizonmu. Faɗi sara, fara, shara, tsara. A tsohon layi farkon kalmomin nan kusan ɗaya suke fita, sai ƙwaƙwalwa ta cike giɓin daga ma'anar zancen. Ga mai goro da yake cewa "sari" yana kuma cewa "fari" sau ɗari a yini, a tsakiyar hayaniyar kasuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kiran HD ya faɗaɗa ƙofar ne, daga kaɗawa 50 har zuwa 7,000. Wayar tana auna muryarka sau 16,000 a sakan maimakon sau 8,000, sannan ta matse ta da wata dabara da ake kira kodek, ta aika ta gutsure-gutsure, ƙunshi 50 a kowane sakan. Tsohon kodek ɗin sunansa AMR, na HD kuma AMR-WB. Akwai wani sabo da ya fito a 2014 mai suna EVS, wanda ya fi faɗi har ma, wasu wayoyin suna rubuta masa HD+. Abin da yake ba mutane mamaki shi ne HD bai fi tsohon cin wuri da wani abin kirki ba: tsohon yana kaiwa kilobit 12.2 a sakan, HD kuma galibi a 12.65 ake tafiyar da shi. Iya matsa ce ta bambanta su. Abin ma ba sabo ba ne, domin tun 2009 kamfanin Orange ya fara shi a wayar hannu a ƙasar Moldova.

To me ya sa ba kowa yake samu ba? Saboda kodek kamar yare ne. A duk lokacin da ka danna kira, kafin wayar can ta yi ƙara, wayarka tana jera yarukan da ta iya, ɗaya ɓangaren ya zaɓi wanda shi ma ya iya. Wannan ciniki ana yin sa sabo a kowane kira, kuma hannu biyar ne a cikinsa: wayarka, kamfanin layinka, mahaɗar da ke tsakanin kamfanoni idan layukan sun bambanta, kamfanin wanda ka kira, da wayarsa. Ɗaya daga cikinsu ya ce tsohon yare kawai ya sani, dukkanku kun koma tsohon. Kuma abin da aka riga aka zubar a hanya ba ya dawowa. Idan muryar ta ratsa ƙuntatacciyar ƙofa a tsakiya, ko wayar miliyan ce a ƙarshen layin ba za ta ƙirƙiro "s" ɗin da ya ɓace ba.

Saboda haka aikin shi ne a gwada hannuwan nan ɗaya bayan ɗaya, kada a canza abu biyu a lokaci guda.

Mataki na 1: duba irin sabis ɗin da aka ɗaure wayar a kai

Kashe Wi-Fi, ka kalli saman fuskar wayar. Babbar wayar Alhaji H+ take nunawa, wato 3G, a tsakiyar Adum inda kowa yake kan 4G. Na shiga saiti, na tarar an ɗaure ta a 3G.

"Baba Alhaji, wa ya taɓa maka nan?"

"Jikana ne, ya ce wai don caji ya riƙa daɗewa."

A yawancin wayoyin Android wurin yana ƙarƙashin Settings, sai Network & internet, sai ka zaɓi sim ɗin, wanda mu a nan muke ce wa cif, sai Preferred network type. A Samsung hanyar ita ce Settings, Connections, Mobile networks, Network mode. Zaɓi wanda ya haɗa da LTE ko 4G tare da na ƙasa da shi. Kada ka zaɓi LTE kaɗai idan ka ga zaɓin, domin in kiran 4G bai yi aiki ba, wayar ba ta da inda za ta sauka, kira ba zai shiga ba sam.

Idan wayar mai cif biyu ce, lura da wannan: tsofaffin wayoyi da yawa cif ɗaya kawai suke ba 4G, wanda aka zaɓa wa data, ɗayan yana zaune a 2G ko 3G. Mutum yana saya data a wannan, yana kira da wancan, yana mamaki.

Mataki na 2: kunna VoLTE, ka kuma tabbatar ya kama

Asalin 4G hanyar data ce zalla, ba a gina mata layin murya irin na da ba. VoLTE shi ne tsarin da yake ɗaukar kira ta kanta, kuma a ƙa'idarsa dole wayar ta iya AMR-WB. Shi ya sa shi ne hanyar da ta fi tabbas zuwa HD. Ba shi kaɗai ba ne, domin kamfani yana iya kunna AMR-WB a kan 3G ɗinsa, amma wannan ba abin da za ka iya taɓawa ba ne daga wayarka.

A wurin da ka gyara irin sabis ɗin nan, nemi makunni mai suna VoLTE, ko VoLTE calls, ko 4G Calling, ko Enhanced 4G LTE Mode. A iPhone yana cikin Settings, Mobile Data ko Cellular, sai zaɓuɓɓukan data, sai Voice & Data. Wasu sababbin wayoyin ba su da makunnin, a kunne suke zuwa. Kunna shi, kashe wayar ka sake kunna ta.

Kunna makunni roƙo ne kawai, sai kamfanin ya amsa. Ga gwajin da ba ya ƙarya: Wi-Fi a kashe, data a kunne, kira wani, ka zuba wa alamar sabis ido. Idan 4G ko LTE ta tsaya daram har aka ɗauka, kiran yana kan VoLTE. Idan ta faɗo ta koma H, 3G ko E da zarar ka danna kira, ta kuma hau bayan ka katse, to kamfanin ya tura wayar tsohon layi ne. Za ka ma ji ana ɗan jinkiri kafin ta fara ƙara a can. Haka babbar wayar Alhaji ta yi: 4G ta fito bayan na gyara, muna danna kira ta zame.

Wanda yake son ganin abin a rubuce, a wayoyin Android da yawa ana buga wannan a wurin buga lamba:

```
*#*#4636#*#*
```

Shiga Phone information, taɓa ɗigo ukun da ke sama, zaɓi IMS Service Status. IMS sunan ɓangaren na'urorin kamfani ne da yake kula da kiran 4G. Abin da kake nema shi ne:

```
IMS Registration: Registered
Voice over LTE: Available
```

Ba kowace waya take buɗe wannan lambar ba, Samsung da yawa ba sa yi. In ta buɗe, ka duba da ido kawai, kada ka canza komai a ciki. Na sha gyara wayar da aka ɗaure ta a wannan shafin har ta daina karɓar kira, mai ita bai ma tuna ya taɓa ba. A wayar Alhaji Not Registered muka gani.

Wani abu da ake yawan tambayata: a'a, kiran VoLTE ba kiran data ba ne irin na WhatsApp. Yana bin wata keɓantacciyar hanya da kamfanin ya ware wa murya, wadda ake ba fifiko a kan masu kallon bidiyo, kuma yana shiga ko ka kashe data.

Mataki na 3: musanya cif, don a raba laifin waya da na layi

Nan ne mafi yawan mutane suke ɓata kuɗi, wani ya sayi sabuwar waya alhali cif ne, wani ya yi layi a ofishin kamfani alhali waya ce. Kana buƙatar waya ɗaya da ka tabbata tana samun HD a kan wannan kamfanin. Ni ina ajiye biyu a shago saboda wannan. Kai kuwa ari ta maƙwabci.

Da farko na kira tsakanin wayoyina biyu, duka a kamfanin da Alhaji yake. HD ta fito. Ke nan kamfanin yana bayarwa, kuma ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da mu lafiya yake. Sai na cire cif ɗin Alhaji na sa a tawa. Cikin minti ɗaya alamar VoLTE ta fito, na kira ɗaya wayar, HD. Ke nan layinsa a buɗe yake.

Da a ce bai kama a wayata ba, da laifin yana wajen layin: ko dai cif ɗin tsoho ne tun kafin zuwan 4G, ko kuma ba a buɗe wa lambar VoLTE ba. Maganin wannan shi ne ka kira 100 daga layin, ka tambaya ko an buɗe wa lambarka VoLTE, ko ka ɗauki Ghana Card ɗinka ka je ofishinsu a musanya maka cif a kan lambarka. Ka ajiye lambobin da ke cikin tsohon kafin ka miƙa shi.

Tunda cif ɗin lafiya, saura wayar. Na ce masa, "Baba Alhaji, wayarka ta iya yaren, amma ba ta san kamfanin nan ba."

"Kamar yaya, ɗana? Ai ta fi taka tsada."

Ta fi ta nesa ba kusa ba. Amma kafin waya ta yi rajista da IMS na wani kamfani, sai manhajar cikinta tana ɗauke da saitin wannan kamfanin, ko wani saiti na gama-gari da kamfanin zai karɓa. Wayar da aka yi wa wani kamfanin Amurka, ko an buɗe mata makulli, sau da yawa saitin can kawai ta sani. Wayoyin da aka yi don kasuwarmu kuwa, ko masu araha ne, sun fi zuwa a shirye. Akwai kuma batun zangon sabis: wayar waje tana iya rasa wani zangon 4G da ake amfani da shi a nan, irin na 800 da ake kira B20, sai ta riƙa faɗowa 3G da zarar ka shiga cikin shago ko lungu.

Abin da ake iya yi shi ne sabunta manhajar wayar ta Software update. A iPhone, shiga Settings, General, About, ka ɗan jira, in akwai sabon saitin kamfani zai fito da kansa. Mun sabunta ta Alhaji, ba ta canza ba. Akwai masu cewa za su yi mata filashin da manhajar wata ƙasa. Wani lokaci yana yi, wani lokaci wayar ta mutu ko manhajojin banki su ƙi buɗewa. Ga dattijon da cinikinsa yake kan MoMo, ban ba shi wannan shawarar ba. Muka mayar da cif ɗin kira cikin ƙaramar wayarsa ta gida, ta kama VoLTE nan take, babbar kuma ta zama ta hotuna da WhatsApp.

Mataki na 4: gwada ɗaya ƙarshen layin

Alhaji ya yi murna, ya ce bari ya kira ƙaramin ɗansa da ke Nima a Accra. 4G ta tsaya, alamar VoLTE tana nan a sama, amma HD ba ta fito a shafin kiran ba, muryar kuma irin ta jiya.

A kula da bambancin alamomin nan biyu. Wadda take zaune a saman fuska ko da ba ka kira, VoLTE ko VoLTE da hoton kan waya, wasu wayoyin ma HD suke rubutawa a wurin, tana cewa ne wayarka a shirye take. Wadda take fitowa kusa da suna ko lokacin kira bayan an ɗauka ita ce take magana a kan kiran da ake ciki. Ita ma ba shaida ce cikakkiya ba, domin wani lokaci tana nuna abin da ke tsakaninka da kamfaninka ne kawai, a tsakiya an juya muryar zuwa tsohon yare. Sannan akwai wayoyin da ba sa nuna komai ko kiran HD ne. Kunne ne alƙali: sa mutumin ya ce "sassafe" ko ya ja "sss". In ta fito da kaifi, HD ce. In ta fito kamar "fff" a toshe, ba ita ba ce.

Na tambayi Alhaji ko layinsu ɗaya da yaron. Ya ce ƙwarai, ga lambar, farkonta irin tasa. Amma tun 2011 aka ba mutane dama a Ghana su ƙaura daga kamfani zuwa kamfani da lambarsu, saboda haka 024 ko 020 ko 027 ba sa tabbatar da inda lamba take a yau. Da muka tambayi yaron, ashe ya ƙaura shekara biyu da suka wuce.

Tsakanin kamfani da kamfani akwai mahaɗa. Idan mahaɗar ta tsohon tsari ce, duk muryar da ta bi ta wurin sai an mayar da ita G.711, kodek ɗin layin ƙasa, mai ƙofar 3,400. Sai kamfanonin biyu sun haɗa na'urorinsu ta yadda AMR-WB zai wuce ba a kwance shi ba. Wannan ba ya gyaruwa daga wayar kowa. Yaron yana da cif na biyu na kamfanin mahaifinsa. Muka sa ya mayar da data kan wannan cif ɗin don ya hau 4G, ya kunna VoLTE, muka sake kira. HD ta fito. Alhaji ya yi shiru yana saurare, sannan ya ce, "Kai, mura kake yi ne?" Mura kuwa yake yi, sati guda suna waya bai ji ba.

Wannan dalilin ne ya sa kiran Kano, Yamai ko Jidda da wuya ya zo da HD, domin yana ratsa dillalan kira na ƙasa da ƙasa. Haka kiran layin ofis, da sau da yawa kiran da aka karkatar zuwa wata lamba ko aka haɗa mutum uku. WhatsApp kuwa yana tsallake duk wannan ciniki, tunda manhaja ɗaya ce a ƙarshen biyu da kodek ɗinta, kamfanin layi data kawai yake ɗauka. Shi ya sa yake fita tas idan data tana da kyau, yake kuma tsinkewa idan ta yi rauni, saboda ba shi da fifikon da VoLTE yake da shi.

Mataki na 5: idan HD ta fito amma kunne bai yarda ba

To a duba ƙarfe da roba. Ramin makirfo da ke gindin waya da ragar sifikar kunne suna cika da ƙura, musamman lokacin hunturu, kuma sirarun sautukan nan da HD ta kawo su ne suke fara toshewa. A share da busasshen buroshin haƙori mai laushi, wayar tana kallon ƙasa. Ban da allura, tana huda makirfo. A cire rigar wayar a gwada, wasu rigunan suna rufe ramin. Gane ɓangaren da ke da laifi abu ne mai sauƙi: in kai ne ba ka ji da kowa, sifikarka ce. In kowa yana cewa ba ya jinka, makirfonka ne, ka ɗauki muryarka da manhajar naɗar sauti ka saurara.

Abin kunne na Bluetooth ma hannu ne na shida a cinikin. Tsofaffi da na bogi da yawa ƙuntatacciyar ƙofa kawai suka iya a lokacin kira, ko da waƙa tana fita da daɗi a cikinsu, domin hanyar waƙa daban take da ta kira. Haka rediyon mota. Cire shi a tsakiyar kira ka kara wayar a kunne, bambancin zai gaya maka.

Sannan kiran da ya fara da HD yana iya rasa ta a hanya. Idan kana cikin mota daga Kumasi zuwa Accra ka shiga inda 4G ta yi rauni, kamfanin yana miƙa kiran ga 3G ko 2G don kada ya tsinke, sai ka ji muryar ta dusashe farat ɗaya. Galibi ba ta komawa sama sai an katse an sake kira. HD kuma ba ta maganin amsa-kuwwa ko hayaniyar Kejetia da ke bayanka, rage hayaniya aikin makirfo na biyu ne da ke saman wayar, wanda yatsan mutum yakan rufe ba tare da ya sani ba.

Ragar sifikar ƙaramar wayar Alhaji ta yi baƙi da ƙura da gumi. Na share ta, na rubuta masa a takarda wace lambar yaron zai riƙa kira, na kuma ce dillalinsa na Kano ya neme shi ta WhatsApp a babbar wayar. Ya biya kuɗin shara kawai, ya ajiye mini goro fari guda biyu a kan tebur.